Ɗanyar Wuta

Shekarata 19 lokacin da kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai gashin nama da ake kira Baba don in koyi sana'ar. Sun san juna tun suna samari, kuma kawu ya gaji da ganina zaune a gida ba karatu ba sana'a. Baba a lokacin ya haura shekara 70, ya shafe fiye da 40 daga cikinsu a gaban murhu. Idan garwashi ya gangaro gefe, da yatsu biyu yake ɗaukarsa ya mayar, bai ko kallon hannun. Ba mai yawan magana ba ne. Da kawu ya gama bayaninsa, Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya hura wuta?" Na ce na iya mana, wa bai iya hura wuta ba? Ya ce to madalla, ya miƙo mini mafici.

Na zo ne da tunanin wuƙa za a ba ni. A raina sana'ar duka tana cikin yanka nama da haɗa kayan ɗanɗano da iya juyawa a kan waya. Sai ga shi mako uku cur ban taɓa nama ba, sai dai in wanke faranti. Aikina buhun gawayi, mafici, da kwashe toka.

Kullum da la'asar zai sa in zazzage gawayin a ƙasa in tsince. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, garin da gutsattsarin a zuba a wani tsohon bokiti. Ya nuna mini yadda ake gane na kirki. Ka ɗauki biyu ka buga da juna: idan suka yi ƙara siririya kamar ƙarfe, gawayin itace mai tauri ne, zai daɗe yana ci. Idan suka yi 'yar ƙara maras rai suka marmashe, mai sauƙin kamawa ne amma ba ya jimawa. Akwai kuma wanda yake sa ni in karya in duba cikinsa. In na ga ruwan ƙasa-ƙasa a tsakiya, sai ya ce in ware shi, wai wannan itace ne ya sa baƙar riga, bai gama zama gawayi ba, kuma hayaƙi kawai zai yi ta yi a ƙarƙashin nama. Garin kuwa ba ya yarda ya shiga murhu da farko, domin yana toshe kafofin da iska ke bi.

Yadda yake kunna wutar ma ya ba ni haushi. Zai tara gawayin kamar ɗan tudu, ya bar rami a tsakiya, ya sa ƙirare da 'yar takarda, ya ƙyasta ashana, ya koma benci ya zauna. Ba kananzir, ba leda, ba komai. Ni kuma in yi ta fifita. Da farko farin hayaƙi mai kauri ya tashi, ya cika mini ido da hawaye. Can sai harshen wuta ya fito rawaya, yana lasar sama. A nan ne kullum nake juyowa in ce, "Baba, ta kama." Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ta kama, amma ɗanya ce." Sai an yi minti 25, wani lokaci rabin awa, harshen ya kwanta, gawayin ya lulluɓe da farar toka, sannan zai tashi ya baza shi ya ɗora waya. Ni dai a ganina mun tsaya muna kallo wuta tana cinye gawayi a banza, kuma a lokacin da ta fi ƙarfi muke ƙin amfani da ita.

Ranar da na gane abin da yake nufi da ɗanyar wuta ba zan manta da ita ba, don kunyar da na sha har yau in na tuna sai na ji zufa a bayana.

Ciwon gwiwa ya tasar wa Baba, ya aiko cewa zai makara, in tsince gawayi in kunna wuta in jira shi. Ni kuma na tsaya hira da abokai, ban kunna da wuri ba. Ina cikin tara gawayin sai ga wani mutum a mota, yana son cinyoyin kaza 12, yana da baƙi a gida, kuma sauri yake yi. Naman yana nan a shirye, Baba ya gyara shi tun safe. Na dubi mutumin, na dubi murhu mai sanyi, zuciyata ta ce mini yau ce ranar da zan nuna ni ma na iya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, minti 20 kacal." Na ruga wurin maƙwabci na samo kananzir a 'yar kwalba, na tuttula a kan gawayin, na ƙyasta. Wuta ta tashi har ta kusa kai ƙirjina. Na ji daɗi. Ko minti biyar ba a yi ba na ɗora waya na jera cinyoyin.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Fatar kazar ta fara zubar da maiƙo, maiƙon ya sauka a kan harshen wuta, wutar ta ƙara tashi ta lulluɓe naman. Na yi ƙoƙarin juyawa, fatar ta manne da waya ta yage. Na yayyafa ruwa don in kwantar da wutar, toka ta tashi ta baɗe naman. Cikin minti 12 ko 13 cinyoyin sun yi baƙi ƙirin ta kowane gefe. Na ce a raina ai sun gasu har sun wuce. Na kankare inda ya fi baƙi da wuƙa, na naɗe, na miƙa masa, ya tafi.

Baba ya iso yana ɗingishi bayan kamar rabin awa. Bai kai ga benci ba ya tsaya ya shaƙi iska. Ya ce, "Wa ya kawo kananzir nan?" Kafin in haɗa amsa sai ga motar ta dawo. Mutumin ya fito da ƙunshin a hannu, ya buɗe a gaban jama'a, ya yaga cinya ɗaya. Wajen baƙi, cikin kuwa wajen ƙashi ja ne jawur, yana sheƙi, ruwan jini na gangarowa. Ya faɗi maganganu masu zafi, kuma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Baba ya ba shi haƙuri, ya mayar masa da kuɗinsa, bai ce yaro ne ya yi ba, bai ko nuna ni ba. Da ya tsaya ya zage ni a gaban mutumin da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Da wurin ya lafa, ya kira ni. Na ɗauka kora ce. Sai ya ɗauki cinya ɗaya ya ce in goga yatsana a kan baƙin. Na goga, yatsan ya fito baƙi kamar na shafa gindin tukunya. Ya ce, "Ka gani? Wannan ba launin gashi ba ne, kunkunniya ce. Launin gashi na gaskiya a jikin nama yake, ko ka goga ba ya biyo yatsa." Ya ce in ɗanɗana fatar. Ɗaci, ƙauri, da warin kananzir a can ƙasan maƙogwaro. Ya ce in haɗiye. Na haɗiye. Ya ce, "Abin da ka aika wa baƙin mutum ke nan. Babbaka ka yi, yaro, ba gashi ba."

Sannan ya sa na kwashe wutar gaba ɗaya, na kankare wayar, muka sake kunna sabuwa, duk da akwai masu jira. Wannan karon bai koma benci ba. Ya ja kujera kusa da murhu ya ce in tsuguna in kalla, kada in yi magana.

A wannan yammacin ya yi mini maganar da ta fi duk wadda ya yi a mako ukun baya tsawo. Ya nuna farin hayaƙin farko ya ce danshin da gawayi ya sha ne yake fita, da sauran abin da bai gama ƙonewa ba a jikinsa tun wurin masu yin gawayin. Duk naman da ya shiga wannan hayaƙin zai ɗauki ɗacinsa. Da harshen wuta ya fito, ya ce in lura da shi: yanzu yana nan, yanzu yana can, iska na kaɗa shi yadda take so. Inda ya lasa ya ƙone, inda bai kai ba ya zauna ɗanye. Kuma rawayan da nake gani a jikinsa, shi ne baƙin da ya biyo yatsana. Ya sa na leƙa ƙasan tudun, na ga rabin gawayin har yanzu baƙi ne, sanyi ƙalau. Wato wutar da nake cewa ta fi ƙarfi, a saman kawai take hargowa.

Muka ci gaba da kallo. Gefen kowane gawayi ya fara yin fari, farin yana cin baƙin a hankali daga baki zuwa tsakiya. Harshen ya gajarce, ya koma shuɗi-shuɗi, ya ɓace. Hayaƙin ya ɗauke har sai ka duba da kyau za ka ga iska tana rawa a saman murhun. Ya ce in busa kaɗan. Na busa, tokar ta yaye, ja mai haske ya bayyana a ƙarƙashi. Ya ce, "Yanzu ta nuna. Ita ma wuta sai an dafa ta kafin ta dafa wani abu." Garwashi irin wannan zafinsa a tsaye yake, ba ya tsalle, yana dukan nama ko'ina daidai, kuma ba ya ba shi wani wari.

Da ya baza garwashin bai shimfiɗa shi bai ɗaya ba. Ya tara mai yawa a gefen dama, ya bar siriri a tsakiya, gefen hagu kuwa kusan babu komai sai rushi. Ya ɗora wayar ya bar ta ta yi zafi na minti biyar kafin nama ya hau, ya goge ta da ɗan kitse. Sannan ya kama wuyan hannuna ya riƙe tafina a saman wayar, tazarar kamar faɗin tafin hannu da ɗan ɗori, ya ce in ƙirga a nutse har sai na kasa jurewa. A dama ban wuce uku ba na fizge. A tsakiya na kai shida. A hagu har goma. Ya ce wutar uku ta yankan nama siriri ce, wanda zai gasu kafin ya bushe. Wutar shida ta kaza ce da duk abin da ke da ƙashi ko kauri. Wutar goma kuwa mafaka ce: idan maiƙo ya zubo harshe ya tashi, ba ruwa ake yayyafawa ba, janye naman ake yi zuwa can, maiƙon ya gama ci, a dawo da shi.

Muka gasa cinyoyi shida a daren. Ya fara su a tsakiya, fatar tana sama, don kitsen ya narke a hankali. Yana juyawa duk bayan minti biyar ko shida, kuma idan ya ɗaga ya ji naman ya riƙe waya sai ya ƙyale shi, wai nama da kansa yake sakin waya idan gefen ya yi. Sai a ƙarshe ya matsar da su dama, fata a ƙasa, na ɗan lokaci, ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras. Duka ya ɗauki kusan minti 40. Ya soka tsinin wuƙa wajen ƙashi, ruwan da ya fito garau yake, ba ja ko kaɗan. Ya ajiye su gefe na minti biyar kafin ya yanka. Wato abin da na yi wa mutumin alkawari a minti 20, gaskiyarsa ya haura awa ɗaya idan an haɗa da kunna wuta. Tun daga bakina aikin ya lalace, tun kafin in taɓa ashana.

Shekaru bayan haka na sayi ƙaramin ma'aunin zafi da ake sokawa a nama, na kuma karanta abin da masana suka ce. Sai na tarar Baba ya san abin duka, lambobin ne kawai ba shi da su. Kaza ba ta zama lafiyayya a ci sai zafin cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Selshiyos, kuma zafi yana ratsa tsoka ne a hankali, ba ya gaggawa don wutar waje ta ƙaru. Ita kuma fata tana fara yin ja mai ƙamshi ne daga wajen digiri 140, bayan ruwan da ke samanta ya ƙafe, daga nan in zafin ya yi yawa sai ƙuna. Aikin mai gashi ke nan: waje ya yi ja a daidai lokacin da ciki ya kai. A kan harshen wuta waje yana riga ciki da nisa, shi ya sa cinyoyina suka fito baƙi da jini a lokaci guda.

Sai dai kada a ɗauka daga ranar na gyaru. Tsoro ya kama ni, na koma ɗaya gefen. Kwana biyu bayan ranar kananzir ɗin Baba ya bar mini wutar, na tsaya ina jira, ina jira, ina so in tabbata babu ko ɗigon baƙi a jikin gawayin. Har aka yi kusan awa. Da na baza, garwashin ya ƙanƙance, toka ta yi masa kauri kamar bargo. Na ɗora yankan nama sirara, ban ji ƙarar "caaa" ɗin da ya kamata ba. Naman ya kwanta yana zubar da ruwa, ya yi toka-toka, ya yi tauri kamar fatar takalmi, ba launi ba ƙamshi. Baba ya zo ya sa hannu a sama, ya ƙirga a bayyane har 12, ya dube ni. Ya ce, "Na ce ka jira ta nuna, ban ce ka jira ta tsufa ba." Ya bugi gefen murhun da ƙarfe, tokar ta zube, ya fifita sau uku ko huɗu, ja ya dawo, amma ya ce wannan bashi ne muka ci, ba zai wuce minti goma ba.

A nan ne na fahimci cewa garwashi yana da lokacinsa, kuma lokacin ba shi da tsawo. Daga sa'ar da ya nuna, da gawayi mai kyau, kana da kamar rabin awa zuwa minti 40 na zafi mai ƙarfi, daga nan sai sauka. Na tambaye shi, to yaya yake yi yana gashi tun magariba har tsakar dare wutarsa ba ta taɓa zama ɗanya ba kuma ba ta mutu ba? Ya nuna mini wani tsohon kurfoti da ke bayan benci, wanda kullum nake gani yana ci ban taɓa tambayar amfaninsa ba. A ciki yake kunna sabon gawayi tun wutar murhu tana da ƙarfinta. Can yake yin hayaƙinsa da harshensa, nesa da nama. Idan ya nuna sai ya ɗebo da shebur ya ƙara. Baƙin gawayi bai taɓa shiga ƙarƙashin namansa ba. In kuma dole ta sa, a can ƙarshen murhu yake zuba shi, sai ya yi fari ya jawo shi ciki. Ashe zaman da nake gani yana yi a benci kamar ba ruwansa, lissafi yake yi: wannan wutar saura minti nawa, waccan yaushe za ta iso. Daga ranar kurfotin ya zama aikina, kuma ni a ganina shi ne ainihin makarantar, ya fi wuƙa wuyar koyo.

Abu ɗaya ya taɓa ɗaga mini murya a kai. Wata rana ana sanyi na ɗebi sauran garwashi zan shiga da shi ɗakin da nake kwana. Ya daka mini tsawa har na kusa zubar da shi. Ya ce garwashin da ba ya hayaƙi ya fi kisa a rufaffen ɗaki, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai yi ya wuce. Ya sa na kashe shi da ruwa a gabansa.

Jarrabawata ta zo da damina, bayan na yi wata bakwai a wurinsa. Ruwa ya shiga inda muke ajiye buhu, gawayin ya sha danshi. Na kunna, yana ta tartsatsi yana fashewa, farin hayaƙi ya ƙi ƙarewa. Baba yana benci, gwiwar ta hana shi tsayuwa. Mutane huɗu suna jira, ɗaya daga cikinsu yana ta duba agogo. Da harshen wuta ya fito sai ya ce, "Kai samari, ga wuta nan tana ci, ɗora mana mana!" Na ji irin abin da na ji a waccan ranar yana taso mini a ƙirji. Na saci kallon Baba, ya kau da kai yana kallon titi, kamar bai san ana yi ba.

Na ce wa mutumin, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, gawayin ya jiƙe. Wutar nan sai nan da minti 20, naman kuma wasu 15. In ka ga ba za ka iya jira ba, ba zan riƙe ka ba." Ya yi tsaki ya tafi. Wani ma ya bi shi. Biyu suka zauna. Na jera ragowar gawayin a kewayen murhu don ya bushe da zafin, na ci gaba da fifita a hankali, ba da ƙarfi ba, don iska mai yawa saman kawai take rurawa. Sai da aka yi minti 40 daga kunnawa kafin farin ya rufe baƙin. Na busa, na ga ja. Na baza gida uku, na ɗora waya, na sa hannu na ƙirga. Uku a dama. Na jera naman, ƙarar ta tashi yadda ya kamata.

Da na sallami mutanen biyu, na yanka ɗan guntu na kai wa Baba a faranti. Ya goga yatsa a kai ya duba yatsan. Ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ina tsaye ina jiran ya ce wani abu. Ya miƙo mini farantin ya ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan, ɗana. Je ka duba kurfotinka, ina jin ya kusa."

Washegari da na zo, na tarar da wuƙarsa a kan katakon yanka, an wasa ta, an juyo ƙotar wajen da nake tsayawa.